Yadda Ɗalibi Zai Gano Farashin Tiya Daga Ciniki Biyu

A darasin lissafi na aji uku na ƙaramar sakandare, ana ba yara labari a ce su fitar da abubuwa biyu da aka ɓoye. Mu ɗauki misali da kasuwar Gwashi, a ƙaramar hukumar Bukkuyum. Wani ya sayi tiya 2 ta gero da tiya 3 ta wake a kan naira 12,000, wani kuma tiya 4 ta gero da tiya 1 ta wake a kan 9,000. Nawa ne kowace tiya?

Sai g ta tsaya a madadin kuɗin tiya ɗaya ta gero, w kuma ta wake. A kula, farashi harafin yake wakilta, ba yawan tiya ba.

2g + 3w = 12,000
4g + w = 9,000

A ninka layin farko sau biyu don geron ya zo daidai: 4g + 6w = 24,000. Nan yara suka fi tuntuɓe, su ninka hagu su manta da kuɗin da ke dama. Idan aka ɗebe layi na biyu, gero ya fita, saura 5w = 15,000. Tiyar wake 3,000 ke nan. A cire ta daga 9,000, a raba 6,000 gida huɗu, gero ya kama 1,500.

Haka ake bi da tambayar gauraye ko ta shekarun uba da ɗa, sai dai idan an ce "bayan shekara 5", kowannensu ake ƙara wa 5.

Ɗalibi, kafin ka miƙa takarda, mayar da amsarka cikin labarin: 3,000 na gero da 9,000 na wake sun ba da 12,000.