Wa Ya Rubuta Wannan Layin? Yadda Ake Bin Sawu a Git

Manhajar da ke wayarka dubban layuka ne na umarni, hannaye da dama ne suka rubuta su, wasu masu hannun ma sun daɗe da barin aikin. Shi ya sa mai gyara kan ci karo da layin da bai ga kansa ba. Gogewa ganganci ne, bari kuma ba tare da sanin amfaninsa ba ya zama ƙaya.

Yawancin masu wannan sana'a suna adana tarihin aikinsu ne a Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk canjin da aka yi ana ajiye shi da sunan mai shi, da rana, da ɗan bayani, da lamba tasa ta kansa. Wannan ajiyar ita suke kira kwamit.

A ce a manhajar neman sunaye an tarar da wannan a layi na 42:

```
suna = suna.replace("\u2019", "'")
```

Me yake yi a nan? Sai a tambayi tarihi:

```
git blame -L 42,42 bincike.py
```

Git za ta fito da lambar kwamit, da suna, da rana. Sunan ba shi ne abin nema ba, lambar ce. A ba `git show` ita, ya baje canjin gaba ɗaya tare da bayanin da mai shi ya bari. A nan dalili yake.

To amma akwai tarko. `git blame` ba ya nuna wanda ya ƙirƙiri layi, wanda ya taɓa shi na ƙarshe yake nunawa. A misalinmu, sai bayanin ya ce gyaran tsari ne kawai, ya shafi kusan kowane fayil. Wato wani ya bi aikin da manhaja irin su Black, wadda ke daidaita tazara, ta karya dogayen layuka, ta mai da `'` zuwa `"`. Ma'ana ba ta canza ba, amma sunansa ya hau kan komai, kamar mai fenti da aka ɗauka shi ya gina gidan. Ba ƙananan ayyuka kaɗai abin ke samu ba: Django ta yi irin wannan shara da Black a 2022.

Idan tazara ce kawai aka taɓa, ƙara `-w` ya wadatar. A nan ba zai yi ba, domin alama aka sauya. Maganin ya zo a Git 2.23, a shekarar 2019:

```
git blame --ignore-rev 7f3a9c1 -L 42,42 bincike.py
```

An ce mata ke nan ta tsallake waccan kwamit ta leƙa bayanta. Sai tsohuwar ta bayyana, da bayaninta: wasu wayoyi suna saka lanƙwasasshiyar alama a sunaye irin su 'Yar'aduwa, ma'ajiyar kuwa da miƙaƙƙiya ta adana su, bincike ya riƙa dawowa fayau. Ashe da an goge layin, da tsohon ciwo ya dawo.

Don kada a riƙa maimaita lamba kullum, akan tara irin waɗannan kwamit a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs`, kowace a layinta. Nan cikakkiyar lambar ake rubutawa, mai harafi 40, gajeriya ba ta karɓuwa. Sannan:

```
git config blame.ignoreRevsFile .git-blame-ignore-revs
```

GitHub na karanta fayil ɗin da kansa, amma a kwamfuta kowa sai ya yi wannan saitin da hannunsa. Idan abokin aikinka yana ganin wani suna daban da naka, fara duba nan.

Sai dai a sani, da ta tsallake, Git kintace take yi: tana neman tsohon layin da ya fi kama da sabon, ta jingina masa. Takan dace, takan kuma kuskure, musamman inda aka raba layi ɗaya gida uku. Kunna `blame.markIgnoredLines` zai sa alamar `?` a layin da aka jingina wa wata kwamit, `blame.markUnblamableLines` kuma ya sa `*` a wanda aka rasa inda za a kai shi. Ka ga `?`, ka tabbatar da idonka kafin ka buga wa wani waya.

Babban haɗarin, a ganina, daga mutane yake. Wani zai yi gyaran tsari, ya ga ɗan kuskure a hanya ya gyara, ya cusa duka a kwamit guda. Ranar da aka sa ta a jerin tsallakewa, gyaran gaskiyar ya ɓuya, a ɗora shi kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka mai shirin share aiki, ka ware sharar ita kaɗai a kwamit nata, ka jira ta shiga babban reshe tukuna ka kwafi lambarta, domin `rebase` ko `squash` na canza lamba.