Karaya: Bambancin sandar ɓargo da farantin ƙarfe wajen haɗa ƙashi

Idan aka kai wanda ya karye a cinya Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada a Kaduna, ko aka tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ’yan uwa kan ce kawai “za a sa masa ƙarfe.” Amma ƙarfen iri biyu ne, kuma kowanne da yadda ƙashi yake warkewa a kansa.

Na farko sanda ce da ake zurawa ta cikin ramin ɓargo, dabarar da likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara aiki da ita a 1939; daga baya ne aka soma kulle ta da noti sama da ƙasa. Da yake tana zaune a tsakiyar ƙashi, kusa da layin da nauyin jiki ke bi, ba ta ɗaukar kayan ita kaɗai: raba su suke yi da ƙashin. Shi ya sa sau da yawa ake barin majinyaci ya fara taka ƙafa da wuri. Sandar ba ta hana motsi gaba ɗaya, kuma wannan ba aibi ba ne. Ɗan motsin shi ke sa jinin da ya taru a bakin karayar ya rikiɗa zuwa guringuntsi, daga baya ya ƙeƙashe ya zama dunƙulen sabon ƙashi da ke naɗe wurin kamar gammo. Ƙashin cinya kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe.

Faranti kuwa a gefen ƙashi ake ɗaure shi, bayan an buɗe wurin. Idan karayar mai sauƙi ce, likita yakan matse bakunan biyu har babu sauran motsi, sai ƙashin ya riƙa ginuwa kai tsaye daga wannan baki zuwa wancan, ba tare da dunƙule ba. Wannan ya fi dacewa da karayar da ta shiga gaɓa, da ƙasusuwa biyu na tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, inda ’yar karkata ke hana juya tafi. Sai dai zamansa a gefe na sa nauyi ya riƙa lanƙwasa shi, musamman idan an bar giɓi a ɗaya ɓangaren. Wanda ya yi gaggawar takawa na iya karya shi, kamar wayar da ake ta tanƙwarawa.

Akwai kuma farantin da ake gittawa kamar gada a kan ƙashin da ya farfashe. Shi ma dunƙule yake haifarwa.

A nan hoton ƙashi yake da amfani. Dunƙule a kewayen sanda albishir ne, rashinsa bayan watanni abin damuwa ne. A kan farantin da aka matse kuwa, bayyanar dunƙule tare da zafi alama ce cewa noti ya fara saki, kuma ya kamata a koma wurin likita kafin ƙarfen ya karye.