Waifai a Gidan Bene: Mesh ko Ekstenda?

Gidan bene irin wanda ake ginawa a Kano ko Kaduna ko Abuja gida ne na bulo mai inci tara, an yi masa filasta ciki da waje, sannan tsakanin ƙasa da sama akwai dekin na kankare mai kaurin kusan inci shida da aka shimfiɗa wa rodi a tsaye da kwance. Maigida ya kashe kuɗinsa don ƙarko, kuma ya samu. Sai dai ranar da aka ajiye rauta a falon ƙasa za a gane cewa ginin da ya tare zafi da ɓarawo ya tare Waifai ma. A falo bidiyo na gudu, a ɗakin uwargida da ke sama kuwa hoto ɗaya sai ya yi ta juyi.

Waifai igiyar rediyo ce, kuma yawancin rautoci na aika ta a zango biyu. Na 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma ba shi da sauri, ga cunkoson na'urorin maƙwabta. Na 5 GHz ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma kankare na saurin cinye shi. Waya na auna ƙarfin sigina da dBm, kuma manhaja irin WiFi Analyzer a wayar Android na nuna lambar kyauta. Kusa da -50 lafiya lau ke nan. Wajen -67 ne iyakar da ƙwararru ke so don kiran bidiyo ya tafi ba yankewa, idan kuwa an kai -80 to sai haƙuri. Abin lura shi ne duk raguwar maki 10 na nufin ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin goma.

Ekstenda ita ce mafi arha, ƴar ƙaramar na'ura da ake cusawa a soket ta kamo siginar rauta ta sake watsa ta. Matsalarta biyu. Ta farko, irin wadda ke da rediyo ɗaya tana aiki ne kamar tafinta: sai ta saurara ta gama sannan ta faɗa, ba ta iya haɗa biyun lokaci guda. Saboda haka gudun intanet na raguwa da kusan rabi tun kafin a yi maganar bango. Ta biyu, abin da ta ji shi za ta maimaita. Mutane da yawa kan kai ta can cikin ɗakin da babu sigina su jona, sai waya ta nuna sanduna cike, su yi murna. Sandunan nan ƙarfin da ke tsakanin waya da ekstenda kawai suke nunawa. Ita ekstendar da ƙyar take jin rautar da ke ƙarƙashin dekin, shi ya sa shafi ke ƙin buɗewa alhali sigina ta cika.

Akwai kuma ƙaramin ciwon kai: sau da yawa tana buɗe wani suna daban mai ƙarewa da _EXT, waya kuma ta manne wa tsohon sunan har sai mutum ya sauya da hannu.

Mesh ya shigo kasuwar gidaje sosai a 2016, shekarar da Eero da Google Wifi da Orbi na kamfanin Netgear suka fito, daga baya Deco na TP-Link ya biyo. Na'urori ne biyu ko uku masu suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, suna magana da juna, suna taimaka wa waya ta koma kan wadda ta fi kusa yayin da mai ita ke hawa bene. Masu tsadar cikinsu na da rediyo uku, suna keɓe ɗaya don zancen da ke tsakaninsu, abin da ke kawar da rabewar gudun nan. Amma masu talla ba su cika faɗin sauran zancen ba. Wannan rediyo na uku galibi a 5 GHz yake, ko 6 GHz a sababbi, wato zangon da kankare ya fi cinyewa. Adadin murabba'in mitar da ake bugawa a jikin kwali ya fi dacewa da gidajen Amurka masu bangon katako da allon jifsam. A gidan dekin, mesh ɗin da aka ajiye ba lissafi ba zai fi ekstenda da komai ba sai tsada.

A ɗauki misalin wani gida mai rautar 5G a falon ƙasa, wadda ke ba da Mbps 40 idan an gwada a fast.com kusa da ita. Manhaja ta nuna -45 a falo, -62 a kan matakala ta ƙarshe, -78 a ɗakin da ke saman falon kai tsaye, -85 a ɗakin ƙuryar sama. Ɗakin da ke saman rauta ya fi matakalar kusa da ita, amma siginarsa ta fi rauni, domin a wurin matakala ne kaɗai dekin ke da rami. Ta nan sigina ke hawa, don haka nan ne mazaunin na'ura ta biyu. Ekstenda a saman matakala za ta iya miƙa Mbps 15 zuwa 20 ga ɗakunan da ke kusa, wanda ya ishi WhatsApp da YouTube na mutum biyu. Ɗakin ƙurya, mai bango biyu a tsakani, zai ci gaba da kuka. Mesh mai na'ura uku, ɗaya a ƙasa kusa da gindin matakala, ɗaya a samanta, ɗaya a barandar ciki, zai kai can, muddin kowace na jin ta gabanta da -65 ko abin da ya fi haka kyau. Kowane tsalle ta iska yana rage wani abu.

Abin da ke kashe gardamar gaba ɗaya shi ne kebul. Wayar Cat6 na ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, kuma ba ruwanta da rodi. A ja ta daga rauta, ta bi gefen matakala ko ta bayan gini cikin bututun roba, a jona ta a bayan na'urar sama. Yawancin na'urorin mesh na gane kebul da kansu su koma kansa. Ekstenda ma, idan tana da ramin kebul, ana iya sauya ta zuwa Access Point, sai ta daina aikin maimaitawa ta ba da kusan Mbps 40 ɗin nan a sama. A ra'ayin mai wannan rubutu, ekstenda mai arha da kebul ta fi mesh mai tsada da aka bari yana kokawa da dekin. Fifikon da ya rage wa mesh a nan shi ne sauƙin saiti da sauya waya daga na'ura zuwa na'ura ba tare da kira ya yanke ba. Wanda ke kan gini yanzu ya gaya wa mai wayarin ya bar bututu ɗaya tun kafin a zuba kankare.

Akwai na'urorin da ke aika intanet ta wayar wutar gida, amma suna yawan rikicewa idan sama da ƙasa ba kan layin wuta ɗaya suke ba, ko inda inbata da makunnin sauya wuta zuwa janareta suka shiga tsakani. Wutar ma ta cancanci a duba ta: idan soket ɗin rauta na kan inbata amma na saman bene ba ya kai, Waifan sama zai ɗauke duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wanda ya sayi mesh kuma ya kashe Waifan tsohuwar rauta bayan ya haɗa su da kebul, don kada su riƙa takara a tasha ɗaya. Idan kuwa gwaji a gaban rautar kanta bai wuce Mbps 5 ba, laifin ba na bango ba ne, sai a matsar da ita kusa da taga ko a nemi kamfanin da ya sayar da layin.