Zaɓen Aikatau Wajen Rubuta Manufar Darasin Gwajin Aikin Jinya

Manufar darasi ita ce bayanin abin da ɗalibi zai iya aikatawa bayan an tashi daga darasin. Robert Mager ya nuna a 1962 cewa tana ƙunsar abubuwa uku: aikin kansa, yanayin da za a yi shi, da mizanin da za a auna shi. Daga cikinsu aikatau ne ke ɗauke da nauyi mafi yawa, domin shi ne malami zai duba ranar jarrabawa.

A ɗauki misalin malamin da ke shirya ɗaliban jinya a ɗakin gwaji kafin a tura su Babban Asibitin Rano ko ƙananan asibitocin Kibiya, darasinsa kuwa awon jini ne. Idan ya rubuta "ɗalibai su fahimci awon jini", bai ba kansa abin dubawa ba, saboda ido ba ya ganin fahimta. Idan ya gyara zuwa "su lissafa matakan awon jini", an sami aikatau mai aunuwa, amma na matakin tunawa ne, wato mafi ƙasa a rabon da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka yi a 1956. Ɗaliba tana iya jero matakan da ka, alhali hannunta bai taɓa ɗaura abin awo a dantsen mutum ba. Irin wannan manufa ta aji ce, ba ta ɗakin gwaji ba.

Aikin hannu yana da nasa matakan. A rabon R. H. Dave na 1970, ana farawa da kwaikwayo, sai yi bisa umarni, sai yi daidai ba taimako, kafin a kai ga haɗa ayyuka da kuma ƙwarewa. Saboda haka a zama na farko ya isa a ce "ɗaliba ta maimaita ɗaura abin awo bayan ta ga malami ya yi". A zama na uku kuwa sai a ce: "Idan an ba ta abin awo da abin sauraro, ɗaliba ta auna jinin abokiyarta ba tare da taimako ba, tana sakin iska milimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma sakamakonta kada ya saɓa wa na malami da fiye da milimita 4." Sharaɗin sakin iskar ba ado ba ne. Mai gaggawar saki yakan wuce bugun farko bai ji ba, ya rubuta adadin da ya gaza na gaskiya, a sallami mai hawan jini a ce lafiyarsa lau.

Akan kuma yi kuskure ta wajen zarcewa. "Ɗaliba ta yanke hukunci kan maganin da ya dace" ya fi ƙarfin zaman sa'a biyu, kuma ba shi aka koyar ba. Hanyar gane dacewar aikatau ita ce a gwada mai da shi layi a takardar duba aiki, inda malami zai sa "ta yi" ko "ba ta yi ba". Wanda ya ƙi shiga wannan layi, sai a sake zaɓar wani.