Shekarun taya a jikinta suke

Yawancinmu idan muka je sayen taya, zanenta muke dubawa. Mu sa yatsa mu ji zurfinsa, mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba," sai ciniki ya faɗa. To amma roba tana tsufa ko da a ajiye take. Tana bushewa, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, kuma zafin kwalta irin na watan Afrilu a hanyar Kano zuwa Maiduguri ba ya raga wa tsohuwar taya.

Ranar haihuwarta na rubuce a gefenta. Nemi inda aka sa DOT, ka bi haruffa da lambobin da ke biye har ƙarshe. Lambobi huɗun ƙarshe su ne abin nema, galibi a cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Sau da yawa gefe ɗaya kaɗai ake buga cikakkiyar lambar, don haka in ba ka gan ta ba, sa a juya maka tayar. In kuwa lambobi uku ka tarar, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma daga ranar da aka yi ta ake lissafi. Ke nan wadda ta shekara biyu a shago ta riga ta cinye rabin kwanakinta, ko da ledarta na jiki. A nan ne 'yar gwanjo ke ba ni tsoro, domin zanenta kan fito raɗau alhali ta haura shekara bakwai. Duba wurin lambar da kyau. In ka ga alamar an kankare ko an goge, bar ta.

Sai girma. A ce motarka tana ɗaukar 195/65 R15 91H, kamar yadda Corolla da yawa suke. Faɗin tayar milimita 195 ne. Tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wajen milimita 127. Lambar 15 kuma girman rim ne da inci. Waɗannan kowane mai faci ya san su. Wanda ake tsallakewa shi ne 91, wato nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 615. H ɗin kuma iyakar gudunta ce, kilomita 210 a awa.

Kada ka yarda a sa maka wadda lambar nauyinta ta gaza abin da ke rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Masu bas ɗin haya su nemi mai harafin C bayan lambar rim, kamar 195 R15C, domin ita aka yi wa lodi. Tayar ƙaramar mota za ta iya hawa rim ɗin bas, amma in aka loda buhunan masara da fasinja, gefenta zai yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta fashe ana cikin gudu.