Yadda Ake Tsara Shafin Littafi Kafin a Kai Maɗaba'a

Wanda ya taɓa sayen littafi ya buɗe, ya ga sai ya danne tsakiyarsa da ƙarfi kafin ya iya karanta kalmomin da ke kusa da ɗaurin, ya san takaicin da ke ciki. Galibi matsalar daga na'urar marubuci take farawa, tun kafin aiki ya isa maɗaba'a.

Mu ɗauki littafin labari mai shafi 200, mai bangon takarda, a girman A5, wato faɗin milimita 148 da tsawon 210. Irin wannan littafi da gam ake ɗaure shi, ba ya buɗuwa ya kwanta, don haka ɗaurin yakan cinye wani ɓangare na kowane shafi. Shi ya sa filin da ake bari ta ciki ya kamata ya fi na waje. A bar milimita 20 ta ciki, 15 ta waje, 18 a sama, 20 a ƙasa. A manhajar Word, a shiga Custom Margins a zaɓi Mirror margins, domin gefen ciki yana hagu a shafin dama, yana dama a shafin hagu. Idan aka manta da wannan, rabin shafukan littafin za su nutse cikin ɗauri.

Bayan haka faɗin rubutu ya rage milimita 113. Da harafi mai girman 11, layi zai ɗauki haruffa 60 zuwa 70, daidai abin da ido ke bi ba gajiya. Sai dai mai rubutun Hausa yana da ƙarin hattara: ba kowane salon harafi ne ke da ɓ, ɗ da ƙ ba. Idan babu su, na'ura takan aro daga wani salo, sai ka ga ƙ ɗin "ƙasa" ta fi 'yan'uwanta kauri ko siranta. Gentium da Charis SIL suna da su cikakku, manya da ƙanana.

Tazarar layi kuma kada a bar ta a Double, wannan na aikin makaranta ne. A zaɓi Exactly a rubuta 14, wanda zai ba da layi 34 a shafi. A cire gibin da ke tsakanin sakin layi, a maye gurbinsa da ɗan shigarwa na milimita 5 a farkon kowanne.

Allo yana ruɗi. Kafin ka biya kuɗin bugu, buga shafi biyu a ainihin girmansu, ka yanke, ka cusa su tsakiyar wani littafi mai kaurin naka. In ka karanta har bakin ɗauri ba tare da dannewa ba, kuma babban yatsanka bai rufe rubutu ba, aikinka ya isa kai wa maɗaba'a.