Wurin ajiye shafinka na farko: wa zai kula da injin?

Kowane shafin intanet tarin fayiloli ne da ke zaune a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda masu sana'ar ke kira saba. Wanda ya sayi sunan shafi, ko mai ƙarewa da .com ne ko .ng da hukumar NiRA ke kula da shi a Najeriya, suna kawai ya mallaka. Sai ya kama hayar wuri a wata saba kafin jama'a su ga komai. A nan ne kamfanonin haya ke jera masa zaɓi uku: Shared Hosting, VPS da Managed Hosting. Yawancin masu farawa suna ɗauka cewa ƙarami ne da matsakaici da babba. Ni kuwa a ganina, abin da ya fi raba su shi ne wanda aikin kula da injin ya rataya a wuyansa.

Na farkon kamar ɗaki ne a gidan haya mai famfo guda. Shafuka ɗaruruwa na zaune a saba ɗaya, suna raba ƙarfinta, kamfanin kuma shi ke sabunta manhajojinta da tsare ta. Mai shafi yana samun wani allo, sau da yawa cPanel, inda zai ɗora WordPress da 'yan danne-danne, ya buɗe adireshin imel mai sunan shafinsa. Shi ya fi araha, kuma kamfanonin cikin gida suna karɓar naira, abin da ke da muhimmanci ga wanda katin bankinsa ke ba shi wahala wajen biyan dala. Sai dai a duba kuɗin sabuntawa tun kafin a biya, domin farashin shekarar farko yakan zama na jan ciniki.

Tallan yakan ce "Unlimited", amma iyaka tana nan. Kamfanoni da yawa suna amfani da CloudLinux, wanda ke yanka wa kowane ɗan haya rabonsa don kada mutum ɗaya ya danne saura. Daga cikin iyakokin akwai wadda cPanel ke nunawa da sunan Entry Processes, wato yawan buƙatun da saba za ta yi wa shafinka aiki a kansu a lokaci guda. Sau da yawa 20 ne.

A ɗauka wata makaranta mai zaman kanta a Kano tana da shafin WordPress a irin wannan haya. Duk zangon karatu lafiya lau, mutane kaɗan ke leƙowa. Ranar fitar da sakamako sai aka tura mahaɗin a zauren WhatsApp na iyaye. Idan saba na ɗaukar daƙiƙa 2 kafin ta haɗa shafi ɗaya, gurabu 20 za su iya sallamar mutum 10 ne a kowace daƙiƙa. Iyaye 100 suka danna kusan tare, sai waɗanda suka rasa gurbi su ga wannan:

```
508 Resource Limit Is Reached
```

Shafin bai lalace ba, rabonsa ne ya cika. Mai kula da shi zai iya tabbatarwa a sashen Resource Usage na cPanel, inda ake nuna sau nawa aka taɓa iyakar da kuma lokacin. Kafin a yi maganar ƙaura akwai gyara mai sauƙi. A cire ƙarin manhajojin da ba a amfani da su, domin kowacce tana ƙara wa daƙiƙun nan biyu tsawo. Sannan a sa manhajar da ke ajiye shafi a haɗe, irin su LiteSpeed Cache idan sabar na goyon bayanta, don kada a riƙa haɗa shi daga farko ga kowane baƙo. Wannan yana taimakon shafin farko da na sanarwa sosai, amma ba ya taimakon shafin sakamako, tunda kowane uba abin da zai gani daban ne. Don haka raba ranar aji-aji ma magani ne, kuma ba ya cin ko kwabo.

A irin wannan rana ne wani zai ce a koma VPS, kuma a nan masu farawa suka fi shiga wahala. An raba babbar saba ɗaya ce gida-gida da fasaha irin ta KVM, kowane yanki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, da nata RAM da nata tsarin aiki. Kamfanoni irin su DigitalOcean da Hetzner suna ba da ƙananansu a kan 'yan daloli a wata, sai mutum ya ga kamar garaɓasa ce. Abin da zai karɓa kuwa Ubuntu ne tsirara da izinin shiga a matsayin root ta hanyar SSH. Babu cPanel sai ya biya lasisinsa daban, babu WordPress a ɗore sai ya zaɓi wanda aka shirya ko ya haɗa da kansa. Katangar tsaro, takardar shaidar Let's Encrypt da ke sa kwaɗo ya bayyana a burauza, kwafin ajiya, duk nasa ne. Haka sabunta manhajoji a kai a kai:

```
sudo apt update && sudo apt upgrade
```

Idan ya yi watanni bai yi ba, ƙofa ce ya bari a buɗe, kuma manhajojin masu kutse suna gwada kalmomin sirri a kan sabuwar saba tun daga ranar da aka kunna ta.

Makarantar tamu ma ba lallai ta tsira ba. A VPS mai RAM 1 GB, idan iyaye suka yi cincirindo ƙwaƙwalwar ta cika, Linux yakan kashe manhajar da ta fi ci, sau da yawa kuma MySQL ce, wadda ke riƙe da duk bayanan shafin. Sai kowa ya ga "Error establishing a database connection". A hayar tarayya cunkoso na raguwa shafin zai dawo da kansa. A nan yana iya kwana a kashe har sai wani ya shiga ya tayar da manhajar, ya duba abin da ya rage da `free -h`. Kamfanin ba zai yi masa ba, domin alƙawarinsa injin ya kasance a kunne ne kawai. Saboda haka ba na ba kowa shawarar VPS sai yana da mutumin da ya iya Linux, wanda kuma zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare.

Managed Hosting kuwa ƙwadagon wannan mutumin ake saye. WP Engine da Kinsta, alal misali, WordPress suka ƙware a kai: suna ɗaukar kwafin ajiya kullum, suna kula da tsaron saba da saurinta, suna ba da wurin gwaji inda za a jarraba canji kafin jama'a su gani. Kuɗinsu yakan kai daloli gommai a wata, suna ƙidaya baƙi su caji ƙari idan an wuce, suna hana wasu ƙarin manhajoji, kuma ba sa ba da akwatin imel. Ya dace da shagon da ke karɓar kuɗi ta shafinsa, wanda faɗuwar awa guda asara ce a gare shi.

Kalmar Managed ba ta da ma'ana guda a kasuwa. Wani kamfanin tsarin aiki kawai yake sabuntawa, shafin kansa ba ruwansa. Kafin a biya a tambaye su a rubuce: idan aka yi wa shafin kutse wa zai share, kwafin ajiya na kwana nawa suke riƙewa, kuma maido da shi kyauta ne ko da kuɗi.

Ga makarantar, ni zan bar ta a hayar tarayya, a yi gyare-gyaren nan, a sauke cikakken kwafin shafin daga sashen Backup a adana shi a wani wuri daban kowane mako. Idan bayan haka Resource Usage ya ci gaba da nuna ana taɓa iyaka har a ranakun da ba na sakamako ba, sai a fara gwada babban rukuni a kamfanin da ake, sannan a nemi farashin Managed VPS.